Bakin Baba Makau

A Gummi an fi sanin Muttaka da mai katun, ko da yake ya daɗe yana rubuta allunan shaguna kafin hannunsa ya taɓa kwamfuta. Shi ya zana kifin da ke ƙofar mai suya na bakin tasha. Da wani ɗan ajinsu ya dawo daga Gusau da tsohuwar kwamfuta da manhajar motsa zane, Muttaka ya maƙale mata har ya fi mai ita iyawa.

Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne baki, kuma a gida ya koya. Yayarsa Iyatu ta kurumce tun tana yarinya, bayan ciwon sanƙarau, sai ta koma karanta magana a leɓen mutane. Muttaka ya tashi yana yi mata magana fuska da fuska. Idan ya tauna kalma, ta kama haɓarsa ta ce ya sake. Da ya fara sa zane magana, sai ya tarar ya riga ya san yawancin abin. Ba a faɗin b, ɓ ko m sai leɓe ya haɗu, kuma a kalma irin babba haɗuwar takan ɗan daɗe. Wasalin a yana wage baki, i da e suna ja shi gefe, u da o da w suna tsuke shi. A kwano da ƙwarya, leɓe yakan tsuke tun kafin sautin ya fito. K, ƙ da g can ciki suke, ido ba ya ganinsu, siffar wasalin da ke biye suke ara. Garin tuwo ya fi garin Anka riƙe baki a buɗe. Ya kuma gane cewa in aka bi kowane harafi aka ba shi bakinsa, zanen sai ya riƙa kaɗa haɓa kamar mai jin sanyi, don haka manyan siffofi kawai yake bi, yana sa kowacce ta riga sautinta da hoto ɗaya ko biyu.

Wata damina, wata ƙungiyar wayar da kai kan lafiya da ke da ofis a Gusau ta ba shi aikin ɗan gajeren katun a kan amai da gudawa, wanda za a nuna a Gummi da Anka da Bukkuyum. Jami'insu Haris ya ce a yi shi da harshen mutanen wurin. Muttaka bai yi nisa wajen neman murya ba. Ya je bakin gulbi wurin Baba Makau, tsohon masunci mai murya kamar ana jan kwalekwale a kan yashi, wanda in ya fara labari masu wanki sukan manta da wankinsu. Ya zana shi da hularsa da giɓinsa, ya ɗauki muryarsa a ɗakin Inna, mahaifiyar Muttaka, an toshe taga da tabarma saboda kukan awaki.

Makonni ya yi a gaban madubi yana maimaita maganar tsohon, yana zana bakin, yana ja da baya, yana saurare. Yakan kashe sautin ya kira Iyatu. Ba ta iya karanta duka, zane ba mutum ba ne, amma ran da ta nuna allon ta ce, "Tulu ya ce, babban tulu," Muttaka ya san aikin ya nuna. Ya aika Gusau, Haris ya yaba, aka sa ranar nunawa.

Ranar, bayan la'asar, ɗakin taron Gummi ya cika. Baba Makau ya zo da sabuwar riga, da 'ya'yansa da jikokinsa da abokansa masunta, suka zauna a gaba. Aka kunna majigi. Ga gulbi, ga kwalekwale, ga tsohon da giɓinsa. Ya buɗe baki, sai ga wata murya mai santsi ta wani saurayi, da Hausar gidan rediyo, yana cewa, "Ku tafasa ruwa kafin ku sha."

Sai dariya ta ɓarke daga bayan ɗakin. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Baba, yaushe ka koma Kano ba mu sani ba?"

Muttaka bai ji dariyar sosai ba, bakin yake kallo. Ba wanda ya zana ba ne. A kan tafasa, zanen ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa ya cije, irin yadda Bature ke faɗin nasa. Bahaushe, ko na Kano ne, da leɓe biyu yake hura wannan sautin, haƙori ba ya ciki. Baba Makau kuwa tahwasa ya ce, kahin ya ce. Da aka zo babban tulu, leɓen ya taɓa juna ya rabu nan take, haɓar tana ta rawa. Iyatu ta taɓa kafaɗarsa ta tambaye shi da hannu wane yare mutumin nan yake yi. Baba Makau ya jira aka gama, ya miƙe ya gyara rigarsa ya fita, iyalinsa a bayansa, bai dubi kowa ba.

Washegari Muttaka ya shiga motar Gusau. Haris ya tarbe shi da fara'a, ya ce ai manya ne suka ga Hausar tsohon ta yi ƙauyanci, suka sa aka sake murya, manhaja kuma ta daidaita bakin da kanta cikin ɗan lokaci.

"Malam Haris, ƙauyanci ga wa? Mutanen Gummi aka yi ma wa, ko manyanku?"

"Haba Malam Muttaka, saƙon ai bai canza ba. Wa ke kallon bakin katun?"

"Kowa na kallo, bai dai san shina kallo ba. Shi ya sa suka yi dariya, ba wanda ya hita da zancen ruwa. Kun ɗauki huskar dattijo kun sa mishi muryar wani, gaban jikokinai, kuma sunana na bisa. Ko waya ba ku iya yi min?"

Haris ya ce ba shi da ikon mayar da tsohuwar murya, an riga an sa hannu. Muttaka ya ce to a ba shi sabuwar, ba zai bari a kai bakin nan Anka ba. Ya dawo gida ya sake aikin daga farko, yana yi yana tsaki, don Hausar saurayin ba a wuri ɗaya take buɗe baki da ta tsohon ba. Ya kuma sauya fuskar, ya cike giɓin, ya canza hular, ya cire sunan Makau. Wannan aka nuna a Anka da Bukkuyum, ba a yi dariya ba, Haris ya kira yana murna. Muttaka ya amsa a gajarce ya kashe wayar.

Na asalin kuwa yana cikin kwamfutarsa. Ya ɗauke ta ya nufi bakin gulbi, ya tarar da Baba Makau yana ɗinkin komarsa ta kamun kifi. Ya gaishe shi, tsohon ya amsa bai ɗaga kai ba. Muttaka ya ajiye kwamfutar a kan kifaffen kwalekwale ya kunna. Da tsohon ya ji muryarsa, allurar ta tsaya a hannunsa. Ya kalla har ƙarshe, ya ce a sake, ya aika a kira jikokinsa. Da suka gama ya ce, "To mi ya same su da wanga?"

"Wai ƙauyanci, Baba."

Tsohon ya tofar da yawu a gulbi ya koma ɗinkinsa. Har yau in aka ambaci ƙungiyar nan a gaban Muttaka sai ransa ya ɓaci, kuma duk wanda ya kawo masa aiki, sharaɗinsa na farko shi ne ba a taɓa murya sai da saninsa.