Lambar da ke Jikin Bango

Yayana mai gyaran famfo ne. Shekara goma sha huɗu yana yawo da jakar sifana a bayan keke, kuma bai taɓa mallakar shago ba. Shagonsa lambar wayarsa ce. Da jan fenti ya rubuta ta a katangar makaranta da bayan gidan mai da jikin tankin ruwan kasuwa, a ƙasa ya sa "Mai Famfo". Duk wanda bututu ya fashe masa ya san inda zai duba. Ni ce auta, ni ce kuma na yi sakandare, saboda haka duk wata takarda a gidanmu kaina take ƙarewa.

Abin ya fara ne da katin waya. Ya sa na dubu ɗaya ran Litinin, kafin Alhamis ya ƙare, alhali shi mutum ne da ake kira, ba ya kira. Na karɓi wayar na duba saƙonni, sai ga shi kullum ana cire masa kuɗin wai labarin ƙwallo da waƙar masu kira. Yaya da bai san ko mutum nawa ke buga ƙwallo ba! Ya ce, "Auta, ashe shi ya sa wani ya ce mini wayata na yi masa kiɗa. Na zaci zolaya ce."

Muna cikin wannan, wata safiya layin ya ɗauke gaba ɗaya. Ba kira, ba saƙo.

Sau uku yana zuwa ofishin kamfanin wayar. Ya karɓi lambar jira, ya zauna a kujerar roba da rigar aikinsa mai tabon gam, sanyin na'ura na dukansa. Yarinyar da ke bayan kantar ta danna kwamfuta ta ce, "Baba, an shigar. Za a turo maka lambar ƙorafi ta saƙo." Ya yi godiya har da rusunawa. A wane layi za a turo? A layin da suka rufe. Ita ba ta yi tunani ba, shi kuma bai san ana tambaya ba.

Wata biyu shiru. Aiki ya tsaya cak. Ya sayi sabon layi, amma wa ya san shi? Jama'a na kiran lambar jikin bango, a ce musu ba ta aiki, su nemi wani. Har akwai wanda ya zo yi mana gaisuwa, wai ya ɗauka Yaya ya rasu.

Na ja shi muka tafi hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa. Hawa na biyu, ƙaramin ɗaki, fanka ɗaya da tarin fayil. Jami'in mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya saurare ni har na gama zuba, sannan ya ce, "Hajiya, ina lambar ƙorafin da kamfani ya ba ku? Mu sai kamfani ya gaza muke shiga, kuma da lambar nan muke kama su."

Na ce, "Tana cikin layin da suka toshe."

Ya dafe goshi. "Ku koma, a rubuta muku ita a takarda. Kada ku tashi sai an rubuta."

Muka koma. Aka duba da sunan Yaya, aka ce babu wani ƙorafi. Aka buɗe sabo. Na tsaya a kan yarinyar har ta rubuta lambar a bayan takardar jira, ina jin wani a baya yana cewa, "Wannan uwar ba ta da sauƙi." Na juya na ce masa shi ma ya nemi tasa kafin ya tsufa a nan. Muka jira kwanakin da ƙa'ida ta ba kamfani, ba su ce uffan ba. Sai na cike fom ɗin hukuma: lambar layi, ranar da aka rufe, ranakun da aka ciri kuɗi, lambar ƙorafi, da abin da muke nema. Na haɗa da hotunan saƙonnin. Na rubuta a fili cewa layin nan shi ne abincin gida mai mutum shida.

A wata na biyar amsa ta zo. Hukuma ta tilasta kamfani ya soke labarin ƙwallo da waƙa, ya mayar da duk abin da ya cira, domin sun kasa nuna inda Yaya ya amince. Amma batun rufewa, kamfani ya ce layin ba nasa ba ne. An nemi mai layin ta zo ta sabunta rajista da katin shaida, ba ta zo ba.

Mai layin. Yaya ya ce, "Maman Biyu ce."

Shekarar da aka fara rajista, yana kan wani aikin tanki, layin mutane kuma ya kai bakin titi. Sai ya ba matarsa wayar ta je ta tsaya masa. Hotonta aka ɗauka, yatsanta aka dangwala. A gidanmu wa ke raba wayar miji da ta mata? Shekararta huɗu a ƙasa, Allah ya jiƙanta. Abin da ke ƙona mini rai har yau, wannan bayanin yana gaban yarinyar nan a kwamfuta tun zuwansa na farko. Kalma ɗaya ce. Ba wanda ya faɗa.

Aka ce a kawo shaidar mutuwa da takardar rantsuwa ta kotu, a mayar da layin sunansa. Matar nan a ɗakinta ta cika, ba asibiti ba, babu wanda ya yanki takarda. Sati bakwai muna hawa muna sauka kafin su haɗu. Yaya ya sa su a leda, ya sa wankakkiyar riga, muka tafi.

Wannan karon wani saurayi ne a kantar. Ya danna, ya sake dannawa, ya ce, "Baba, layin ya wuce wata shida ba a amfani da shi. An karɓe lambar, an sayar wa wani."

Na ce, "Wa ya hana amfani da shi? Ba ku ba ne? Kuɗin da aka ce ku mayar fa?"

Ya ce an mayar, a kan layin. Sun tafi tare.

Na koma wurin jami'in hukuma. Ya ce bai kamata a saki lambar da ake ƙorafi a kanta ba, zai rubuta, kuma za a iya sa su zuba kuɗin a sabon layin. Lambar kuwa, wani ya riga ya yi rajista da sunansa da yatsansa, ƙwace ta abu ne mai wuya. Ya ba ni sabon fom. Yana cikin jakata, na cike rabi.

Na kira tsohuwar lambar sau ɗaya. Wata budurwa ta ɗauka, ko gaisuwa ban gama ba ta ce, "Don Allah ba mai famfo ba ce! Kun ishe ni!" Na roƙe ta ta riƙa ba masu kira sabuwar lambarsa. Ta ce ita ba 'yar aikensa ba ce, ta kashe.

Yanzu Yaya gadi yake yi a wani gini da ba a gama ba. Ran hutunsa yakan ɗauki gwangwanin fenti ya bi bangayen yana shafe tsohuwar yana rubuta sabuwa. Makaranta ta hana, ta ce yanzu an daina rubutu a katanga. A jikin tankin kasuwa na same shi jiya, buroshi a hannu, ya rubuta rabi ya tsaya. Ya juyo ya ce, "Auta, karanto mini sauran. Kullum tsohuwar, ta Maman Biyu, ce ke zuwa mini."