Bangon Kudu na Benen Alhaji Issoufou

Mijinyawa ɗan Damagaram ne, ɗan wani maɗinki. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, a garinsu, daga nan aka tura shi Bamako ya koyi lissafin gine-gine. A can ya haɗu da Halidu, mutumin Tawa, ɗaki ɗaya suke kwana, kwano ɗaya suke ci. Bayan samun mulkin kai suka dawo Yamai tare, suka shiga wani ƙaramin biro, wato ofis, na zanen gini wanda wani dattijon Bafaranshe da suke kira patron yake riƙe da shi. Ba a jima ba Halidu ya auri Balkisa, ƙanwar Mijinyawa, ya koma kiransa Yaya, da farko cikin raha, daga baya da gaske.

Aikinsu na farko mai girma shi ne benen Alhaji Issoufou, wani attajirin Maraɗi, a gefen unguwar Yantala, nan Yamai. Hawa biyar ne, dogo siriri, ya miƙe daga arewa zuwa kudu, faffaɗar fuskarsa tana kallon gabas, inda iskar hadarin farkon damina take fitowa. Mijinyawa aka ba lissafin. A tsakiya ya jera ginshiƙai sirara, da azarorin kankare da suka ɗaure kawunansu. A kowane ƙarshe, arewa da kudu, ya sa bangon kankare mai ƙarfe a ciki, tun daga tushe har sama. Idan iska ta tura ginin, daɓen kowane hawa zai raba turin gwargwadon taurin abin da ke riƙe da shi. Bangayen sun fi ginshiƙan tauri nesa ba kusa ba, don haka su za su ɗauki kusan duka, ginshiƙan su ji da ɗan abin da ya rage.

Ana cikin haƙa tushe Alhaji ya zo biro.

"Malam Mijinyawa, bangon kudun nan na hawan ƙasa, a cire mini shi. Can hanya take. Ina son kanti mai gilas, wanda mai wucewa zai ga kaya."

Mijinyawa bai tsaya dogon bayani ba. Ya jawo bencin baƙi, ya sa Halidu ya riƙe ƙarshe ɗaya, ya roƙi Alhaji ya riƙe ɗayan. Ya tura tsakiya da ƙafa, benci bai motsa ba. Ya ce Alhaji ya saki, ya sake turawa. Bencin ya juya, ɓangaren da aka saki ya tafi, na Halidu yana nan.

"Haka ginin zai yi, Alhaji. Akwai wurin da muke kira cibiyar tauri. In turi ya bi ta nan, gini yakan ɗan matsa a miƙe, ba ya juyawa. Yanzu tana tsakiya, daidai inda turin iska yake taruwa. In an cire bangon kudu, za ta gudu ta koma gindin bangon arewa, iska kuwa ba ta bar tsakiya ba. Sai hawan ƙasa ya murɗe. Ginshiƙan kudu su suka fi nisa da cibiyar, su za su fi tafiya, kuma ban yi su don wannan aikin ba."

Ya ce in dole ne, zai sake lissafi, a bar rabin bangon, a ƙara wa ginshiƙan ƙarshe kauri. Alhaji ya ce rabin bango rabin kanti ke nan. Halidu ya sa baki ya ce, "Maganar Yaya gaskiya ce, Alhaji. Ni ma ba zan yarda ba." Mijinyawa ya ji daɗin wannan magana har cikin ransa.

Sai mahaifinsa ya kwanta ciwo. Ya tafi Damagaram, ya bar wa Halidu duba aikin. Jinyar ta yi tsawo, tsohon ya rasu, aka yi zaman makoki. Lokacin da ya dawo, an riga an zuba daɓen hawa na uku, kuma inda bangon kudu ya kamata ya tsaya a ƙasa, iska ce take wucewa. Bangon hawan sama yana zaune a kan azara da ginshiƙai biyu.

"Kwantar da hankalinka, Yaya," in ji Halidu. "Patron ya sani. Na ƙara ƙarfe a ginshiƙan, na yi lissafinsa. Sai dai takardun suna gida."

Mijinyawa ya nemi ya gani, aka ce gobe. Dattijon yana Faransa hutu. Da ya sake tambaya, Halidu ya ɓata fuska ya ce, "Yanzu ni ne ba ka yarda da ni ba?" Mutumin da ya yi ta kai wa iyalinsa cefane lokacin da shi yake Damagaram, ya za a yi ya matsa masa? Ya bar maganar.

Hadarin da ya gwada ginin ya zo wata la'asar, shekara ta zagayo, ana gab da buɗe kanti. Gabas ta yi baƙi, iska ta kwashe rumfunan bakin hanya. Masu fenti da ke ciki suka ce sun ji ginin yana ƙara, sai gilasan kudu suka tarwatse. Da ruwa ya ɗauke Mijinyawa ya je. Bangon arewa lafiya lau. Yana tafiya kudu tsagar tana ƙaruwa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, har ya kai biyun ƙarshe, inda kankaren ya ɓare a wuya da gindi. Ya ƙirga ƙarfen da ya bayyana. Daidai yake da wanda ya zana tun farko, ko sanda ɗaya ba a ƙara ba. Ya daɗe a tsugune a wurin.

Washegari aka zauna a biro, dattijon ya dawo, Alhaji yana gefe. Dattijon ya ce shi ba wanda ya taɓa faɗa masa za a cire bangon, wa ya ba da izini?

Halidu bai ɗago kai ba. Ya ce, "Lissafin na Mijinyawa ne. Kafin ya tafi ya ce mini ana iya cirewa."

Mijinyawa ya juya ga Alhaji, wanda ya san yadda aka yi. Alhaji yana jan carbi, idonsa a taga. Ashe tuni ya yi wa Halidu alkawarin dukan gine-ginensa na Maraɗi.

Mijinyawa ya faɗi gaskiyarsa sau ɗaya, a natse. Mutum biyu ne a kan ɗaya, sunansa ne kuma a kan zanen. Kafin ya ajiye aiki ya zana gyaran: a tokare ɓangaren, a sake zuba ginshiƙan, a mayar da bangon kudu a ɗaure shi da tushe da daɓe. Haka aka yi, ginin ya zauna, kantin ya koma shiga ta gabas.

Bayan haka babu biron da ya karɓe shi a Yamai, labari ya riga shi zuwa ko'ina. Ya koma wajen ƴan kwangilar hanya, yana lissafa musu kwalbatoci da ƙananan gadoji, yana yawo tsakanin ƙauyuka, gidansa dai yana Yantala. Halidu ya buɗe biron kansa, ya yi suna.

Sau ɗaya suka yi maganar, ranar sunan ɗan Balkisa na uku. Halidu ya ja shi bayan rumfa ya ce, "Yaya, lokacin na tsorata ne. Ga iyali."

"Iyalin ai nawa ne," in ji Mijinyawa. "Da ka zo ka ce mini ka tsorata, da tare za mu shiga wurin patron."

Ya koma ya zauna cikin mutane. Bai taɓa faɗa wa Balkisa ba. Ita har ta tsufa tana cewa yayanta mutum ne mai riƙo, aure ya shiga tsakaninsa da abokinsa. Yakan ji ta faɗa a gaban matarsa da ƴaƴansa, sai ya tambaye ta yara, ya ce a ƙara mata fura.