Kurar Ruwan Layinmu

Mijina mai tura kurar ruwa ne. Shi da ƙanin mahaifinsa, wanda muke kira Baba Ƙarami, su ke kai wa layinmu ruwa a Zangon Kumasi. Kurar ta katako ce, mai tayar mota huɗu, ana ɗora mata duro uku, waɗanda a nan muke kira ankora. Famfo ba ya zuwa layinmu. Sai an hau tudu zuwa gidan wata Ba'ashantiya da ta ja famfo take sayarwa, a cika, a gangaro, a bi gida-gida ana zuƙo ruwan da tiyo ana cika garwa. Akwai ankora guda a ƙofar masallaci, ita ake fara cikawa saboda alwala.

Ni Badagomba ce, iyayena daga Yendi suka zo, a arewacin ƙasar nan. Mijina kuwa a nan Kumasi aka yanke masa cibiya, amma mahaifinsa Bazabarme ne daga wajen Dosso. Babu wanda ya taɓa damuwa da wannan sai cikin azumin 1969, da rediyo ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya fita daga ƙasar cikin mako biyu. Muka ce ai shi haifaffen nan ne. Limaminmu ya girgiza kai, ya ce yadda ya ji, uba ake bi.

Baba Ƙarami bai tsaya jayayya ba. Ya naɗe tabarmarsa, ya sa butarsa cikin buhu, mijina ya raka shi tashar Kejetia inda manyan motoci ke lodin mutane kamar buhunan goro. Da mijina ya dawo bai iya shan ruwa ba sai da na matsa masa. Kusan duk masu ruwan Zango 'yan ƙasar su Baba Ƙarami ne, ga-ruwa masu sanda a kafaɗa da masu kura. Kafin wa'adi ya cika an nemi rabinsu an rasa. Waɗanda suka rage kuwa 'yan sanda sun gane inda za su same su: bakin famfo. Mai ruwa ba shi da wurin ɓuya, dole ya je inda ruwa yake.

Sai mijina ya daina fita. Ya jingine kurar a ƙofar gida, ya zauna a ɗaki.

Ba a daɗe ba aka fara sallama. Wannan ta aiko a tambaya ko mai ruwa yana nan, waccan ta zo da kanta da bokiti a hannu, tana ɗaga murya wai yara ba su yi wanka ba, ga tuwon buɗe-baki ba a ɗora ba. Ankorar masallaci ta bushe har tsofaffi suka koma zuwa da butarsu daga gida. Hajiyar da muke haya a gidanta ta kira ni ɗakinta.

“'Yata, kina jin yadda ake kiran mijinki a ƙofar gidan nan?” ta ce. “Duk mai sallama shela take yi cewa yana ciki. Kuma kurar nan, in ta ci gaba da zama, za a ce kayan baƙo ne da ya gudu. Kin ga abin da aka yi wa rumfunan mutane a kasuwa.”

Na gani. Har akwai wani mutum, ba ɗan layinmu ba, da na tarar yana taɓa tayar da ƙafa, yana tambayar yara ko mai ita ya tafi.

Na ce zan tura. Mijina ya dube ni kamar na ce zan ɗaga gidan. Wata maƙwabciyarmu, Bagonjiya mai sayar da wake da shinkafa, wadda nake kira Yaya, ta ce in dai zan je za ta je, don ita ma sana'arta ta tsaya cak. Ta fi ni ƙarfi, ta fi ni baki.

Mijina ya zaunar da mu ya koya mana. Ya ce ankora a cika ta fal a ɗaure bakinta da buhu, domin rabin ankora ita ke kayar da kura, ruwan yana kai-kawo a ciki yana fizgar ta. Ya ce biyu kawai za mu ɗauka, mu sa su wajen tayoyin baya. A gangare mutum ɗaya ya riƙe sandar juya tayoyin gaba, amma ya tsaya a gefe, kada ya kuskura ya shiga gabanta. Ɗaya kuma ya ja igiya ta baya yana tirjewa. Ya ba ni wani guntun icce mai kusurwa, ya ce kura ba ta da birki sai wannan.

“In ta fi ƙarfinku, ku sake ta,” ya ce. “Ruwa ne. A ɗebo wani.”

Muka fita bayan asuba, don a lokacin ne famfon ke da ƙarfi. Rana na ɗagawa sai ya koma tsiyaya. Hawa da ankora babu komai bai ba mu wuya ba. Mai famfon, wadda kowa ke ce wa Mame, ta gane kurar tun daga nesa. Ta dubi kurar, ta dube ni, ba ta tambayi kowa ba. Ta miƙo tiyo ta ce mu cika kafin layi ya yi tsawo.

Ranar farko mun sauko lafiya, ko da yake tafin hannuna ya sale. Muka cika ankorar masallaci, muka raba sauran. Matan da ke ɗaga murya suka yi shiru. Haka muka yi ta yi, sawu biyu, wani lokaci uku, ga azumi a baki. Akwai abin da ban taɓa sani ba sai a lokacin: ka wuni ruwa na zubo maka a ƙafa, maƙogwaronka a bushe.

Ana gab da Sallah, muna cikin cika ankora ta biyu, sai ga 'yan sanda biyu. Babban ya zagaya kurar, ya ƙwanƙwasa katakon da kulkinsa. Ya yi mini magana da Ashantanci.

“Ta wa ce?”

Na ce tawa ce.

“Mace da kura? Ina mai ita?”

Na ce ya tafi. Ban yi ƙarya ba, Baba Ƙarami ne ya sa aka ƙera ta. Ya tambayi garinmu, na ce Yendi. Ya kira na biyun, wani dogo ɗan Arewa, ya gwada ni da Dagombanci. Na amsa masa har da gaisuwar gida. Mame ta ce da su in sun gama su matsa, suna tare mata hanya. Suka matsa, amma ba su tafi ba. Da muka juya kurar muka kama gangare, na waiga na ga suna biye da mu, a hankali, suna hira.

Yaya na gaba da sanda, ni ina baya da igiya. Ta ce ƙasa-ƙasa, “Kada mu tsaya a gida. Mu wuce masallaci kai tsaye.”

Na ce to. Amma hankalina ya rabu, kuma na yi saurin da bai kamata ba. Gangaren nan yana da wani wuri da ruwan sama ya zaizaye, daidai kafin gidanmu. Kullum a nan muke tsayawa in sa icce, mu huta, sannan mu sauka da kaɗan-kaɗan. Ran nan Yaya ba ta so mu tsaya, ni ma ban so ba. Tayar gaba ta faɗa ramin ta fito, sandar ta ƙwace daga hannun Yaya ta buge ta a ƙugu, ta faɗi gefe. Igiya ta ja ni. Na tirje, takalmina ya tsinke, na durƙusa, tana jana a ƙasa. Na tuna mijina ya ce a saki. Na ɗaga kai zan saki, sai na ga abin da ke ƙasa: 'yan mata sun jera bokitai a bakin masallaci suna jiranmu, wata da goyo.

Ban saki ba, kuma riƙon nawa bai hana komai ba.

Ban ga fitowarsa ba. Ashe kullum yana tsaye bayan ƙyauren zaure yana leƙen saukowarmu. Na dai ga mutum ya kama sandar ya murɗa ta da dukan ƙarfinsa, kurar ta karkata ta daki bangon gidan Hajiya. Ankora ɗaya ta tuntsure, ruwa ya malale layin. Ɗayar ta tsaya. Ya zaro iccen daga inda na soke shi a jikin kurar ya cusa ƙarƙashin taya, kamar yadda hannunsa ya saba, sannan ya juyo ya ɗaga ni.

'Yan sandan suna tsaye a bayana.

Ruwa na ta kwarara a kwata. Babban ya dubi yadda ya sa iccen, ya dube shi.

“Kai ne mai ita.”

“Ni ne,” ya ce.

Suka nemi takarda, babu. Dogon ya kawar da kai. Mijina ya roƙi a bar shi ya sa riga, suka bar shi. Da zai wuce ya ce mini in sa gishiri a ruwan ɗumi in wanke gwiwata, kuma a duba ƙusar sandar, ta sassauta.

Liman ya je ofishin 'yan sanda, Hajiya ta je, har tsohuwar da ta karɓi haihuwarsa aka ɗauka a mota ta je ta yi rantsuwa. Aka saurare su da mutunci, aka ce haihuwa a nan ba ta isa ba. Bayan Sallah aka sa shi a mota. Na kai masa gari da ƙuli-ƙuli a Kejetia. Bai taɓa ganin Dosso ba, Zabarmancinsa ma na gaisuwa ne. Na ce zan bi shi. Ya ce in bari ya ga wurin tukuna, kada mu je mu biyu mu zama kaya a kan Baba Ƙarami.

Yaya ta yi kwanaki tana ɗingishi. Da ta warke muka koma. Maza biyu daga masallaci suka ɗauki nauyin tsayawa a wurin ramin nan kowace safiya, su kama mana mu sauko, daga baya ma suka cike shi da duwatsu. Mutumin da ke taɓa taya ya sake zuwa sau ɗaya, Hajiya ta fito ta tsaya a ƙofa har ya tafi. Haka muka ci ranin 1970. Da damina ta sauka kowa ya tara ruwan indararo, aiki ya yi sauƙi, a lokacin ne na samu sararin yin kuka sosai.

Saƙon mijina yakan zo ta bakin direbobin goro: yana lafiya, yana ɗiban ruwa a Yamai, a kogi, da garwa biyu. Sai da aka canja gwamnati ya dawo, ya rame, ya yi baƙi. Ya tarar da ni ina ɗaukar ankora uku. Washegari ya kama sanda, na kama igiya, Yaya ta koma kan tukunyarta.