Ƙarin Haya a Gidan Hajo

Shekara shida Malam Isaiah, ma'aikacin asibiti, na zaune a sashen gidan Hajo a Malumfashi, bai taɓa jinkirta haya ba. Da ita take ci tun rasuwar mijinta.

Bana ƙanin mijin ya ce ta ninka. Hajo ta yi kwanaki tana lissafi: in mutumin ya tashi, sashen na iya wata huɗu a rufe, ga fenti, ga la'adar dillali.

Saura wata uku hayar ta ƙare, ta shiga wajen Liatu, matar Malam Isaiah.

"Maman Adam, dubu ɗari ɗin nan… in ta koma ɗari da ashirin fa?"

"Kai, Hajiya, kin tsorata ni! Na zaci tashinmu za ki yi. Amma a gyara kwanon kafin damina."