Tsagar Baba

Bayan rasuwar Baba, na kai wa wani mai hoto a Gwammaja hotuna biyu ya haɗa. Namu na Sallah dogo ne, daga sabuwar wayata. Na Baba kuwa ɗan mitsitsi ne mai faɗi, yana murmushi a zaure, daga tsohuwar wayar Inna.

Da ya ja hoton Baba sama don tsayin ya yi daidai, sai Baba ya zanƙale, fuska dishi-dishi.

Na ce, "Haba Malam, ubana ba gora ba ne!"

Sai ya sake, ya fara ƙara girman hoton da manhaja, sannan ya haɗa. Ya fito tas, amma manhajar ta shafe tsagar kumatunsa.

Inna ta daɗe tana kallo, ta ce, "Tubarkalla. Wane ne wannan?"