Shafaffiya da mai

Auta bai taɓa shiga intabiyu ba sai a wani banki, bayan shekara biyu yana yawo da takardun digiri. Washegari ya zauna rubuta wa shugabar ma'aikata wasiƙar godiya, mahaifiyarsa na tsaye a kansa.

"Kai! Kada ka gode," in ji ta. "Ana godiya kafin a ba ka abu? Sai su ce ka ƙoshi."

"Inna, haka ake yi. Mu arba'in ne, gurbi biyu!"

Sau biyar yana gogewa, don kowane layi sai ya koma roƙo. Ƙarshe ya bar layi uku, ya aika ta imel.

Nan take amsa ta shigo. Inna har ta fara guɗa, shi kuwa ya buɗe. Na'ura ce ta amsa: shugabar ta tafi hutu, sai bayan wata guda.