Rigar da Ban Taɓa Sawa Ba

A wajen gaisuwar safe na fara jin akwai matsala. Na durƙusa a ƙofar falon Hajiya, mahaifiyar marigayi mijina, na gaishe ta kamar kullum, sai ta amsa a taƙaice ba ta ko dube ni ba. 'Yata da ke riƙe da gefen hijabina ta ruga wurinta. Hajiya ta ɗauke ta ta ɗora a cinya, ta zagaye ta da hannu biyu, irin riƙon da ake yi wa abin da ake tsoron a ƙwace. Yayar marigayin tana zaune a gefe, waya a hannu, tun da sassafe ta zo daga Hotoro. Ita ma ba ta ce in tashi ba.

A lokacin takabata ta raba tsakiya. Daga Kawaji aka kawo ni wannan gida na Nassarawa, ni da na tsaya a sakandare, cikin mutanen da kowa yake da digiri da motarsa. Mijina ne ke tsaya min a komai. Da ya rasu, Hajiya ta ce in yi takaba a ɗakinmu, bayan an gama ma in ina so in zauna in rene yarinyar a gabanta, tunda sunanta aka sa mata. Na kiyaye duk abin da aka gaya min. Ba kwalli, ba lalle, ba turare, ko ɗan kunne na cire. Hijabi biyu masu duhu nake juyawa. Sau ɗaya tak na taka ƙofar gida, ranar da zazzaɓi ya rufe yarinyar na kai ta asibiti, layi ya riƙe ni har azahar.

Yaya ta miƙo min wayar ta ce in duba.

Ni ce. Fuskata ce, da kwalli da jan baki, ina murmushi, hannuna ɗaya a kan ƙugu. A jikina doguwar riga ruwan hoda mai duwatsu a wuya, tana ɗaukar ido. Ta ja hoton gefe, ga ni cikin ja. Ta sake ja, ga ni cikin ruwan goro, sannan kore shar. A ƙasa shagon da ya ɗora hotunan ya rubuta cewa sababbin kaloli ne, wannan makon suka sauka.

Shagon na sani. Na wata baiwar Allah ne da muke kira Anti, ƴan layuka kaɗan daga gidan. Kafin rasuwar, da yardar mijina, nakan je in sa mata kaya a ɗauki hoto ta ɗora a shafinta. Amma waɗannan rigunan ban san su ba. Abin da ya fito daga bakina ke nan, kuma shi ya ƙara ɓata lamarin. Na ce wallahi ban taɓa sa wannan rigar ba.

Yaya ta yi wata ƴar dariya ta ce to aljana ce ta ari fuskata? Da na dawo hayyacina na ce watakila tsohon hoto ne, sai ta ce ta riga ni tunanin haka. Ta aika an tambayi yarinyar shagon, an tabbatar mata ruwan hodar nan ba a taɓa kawo shi ba sai yanzu. Kayan da bai iso Kano ba sai bayan rasuwa, ta yaya zai shiga tsohon hoto? Sannan ta tuno min da ranar asibiti, da yadda na daɗe. Ta ce hoton ya riga ya zagaya cikin dangi, har daga Zariya an kira ana tambaya ko matar ƙaninsu ta fita takaba ba a gaya musu ba.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ita dama ba ta yi. Ta ce idan zaman ya ishe ni, ba za a tsare ni ba, da na gama kwanakin sai in koma gidanmu. Amma takwararta a nan za ta zauna.

Ban san yadda na kai ɗaki ba. Ina jin muryar yarinyar a falo tana wasa da carbin Hajiya, ni kuwa ina ta neman lambar Anti a wayata. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ni kaina na fara shakkar kaina. Na zauna a bakin gado ina ƙoƙarin tuna ko akwai ranar da na sa ruwan hoda na manta. Tun rasuwar abubuwa da yawa sun ɓace min, har sallah wani lokaci sai in kasa tuna raka'a nawa na yi.

Da Anti ta ɗauka sai na fashe da kuka. Da ƙyar ta tsinci abin da nake faɗa. Ta yi salati, ta ce ita ko kusa tunaninta bai kai nan ba. Ta ce kada in ƙara cewa kowa komai, tana da baƙi a shago, da ta sallame su za ta zo.

Bayan azahar ta iso, da kwamfutarta a jaka da wata leda. Aka kira ni falo. Ta gaida Hajiya har ƙasa, ta sake yi mata gaisuwar rashi, sannan ta ce laifin nata ne, ta zo ta nuna da ido domin baki ba zai wadatar ba.

Ta fara da jera hotunan gaba ɗaya a fuskar kwamfutar, kafaɗa da kafaɗa. Ta roƙi Hajiya ta sa tabarau ta dubi hannun rigar, inda ya ɗan tattare a gwiwar hannu. Tattarar nan iri ɗaya ce a ja, a kore, a ruwan goro. Bakin mayafin da ya karkace, inuwar da ke ƙasa, har silin gashin da ya leƙo a goshina, duk wuri ɗaya suke. Ta ce babu ɗan adam da zai canza riga sau huɗu ya dawo ya tsaya ba tare da ko yatsa ya motsa ba.

Yaya ta ce ita ba ta ga abin da hakan ya tabbatar ba, ai masu hoto sun iya tsayar da mutum.

Anti ta ce, “To Yaya, wace kala kike so in sa mata yanzu?”

Yaya ta taɓe baki ta ce shuɗi, tunda ba ya cikin jerin.

Sai Anti ta buɗe wani hoton, kuma nan take na gane shi. Rigar ruwan toka ce mai haske, ita ce na sa. Ta yi bayani tana aiki. Ta ce idan ɗinki ɗaya ne yadi ɗaya, kala ce kawai ta bambanta, ba ta sake kiran mai hoto da mai kwalliya. Hoto ɗaya take ɗauka da riga mai haske, domin mai haske ce ke karɓar kowace kala, baƙa kuwa ba ta juyuwa da kyau. Sai ta zagaye rigar kaɗai ta ware ta, ta bar fuska da hannu da duwatsun wuya yadda suke. Muna kallo rigar ta rabu da sauran hoton. Ta ɗora kala a kai ta ja wani ɗan layi a hankali, rigar ta bi ta kore ta wuce ta zama shuɗiya, tattara da inuwa suna nan ba su gusa ba. Daga ledar ta zaro ainihin rigar ruwan hodar, ta ce da kaya sun iso haka take kai su bakin taga ta yi ta gyara kalar hoton har ta zo daidai da yadin, don kada mai saye ta ce an yaudare ta.

Hajiya ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ce, “Ikon Allah. Rini ba tukunya.”

Anti ta ƙara girman hoton ruwan hodar ta nuna ƙarƙashin hannuna, wani ɗan lungu tsakanin hannu da ƙugu. Ɗigon ruwan toka na nan, inda ta manta ba ta zagaye ba. Ta ce da wata rana ce kunyar wannan kuskuren za ta ji, yau kuwa ta gode wa Allah da ta yi shi.

Yaya ba ta saki ba. Ta ce to an yarda riga ɗaya ce, amma wa ya san ranar da aka ɗauki ta tokar? Anti ta nuna kwanan watan da ke jikin hoton, watanni kafin rasuwar. Yaya ta ce wanda ya iya canza riga ai zai iya canza kwanan wata.

Anti ta dube ni, kamar tana neman izini, ni kuwa ban san na mene ne ba. Ta ce wanda ake gani a shafi yankakke ne, tana yanke gefe da gefe don rigar ta cika ido. Ta buɗe na asalin, yadda ya fito daga kyamara.

A gefen dama, kan kujerar da masu jira ke zama, mijina ne. Hularsa a gwiwa, jakata a rataye a kafaɗarsa, yarinyar na barci a ƙirjinsa, lokacin ko tafiya ba ta fara ba. Yana kallona yana dariya. Na tuna ranar sarai. Shi ya kawo ni, yana ta tsokanata wai na tsaya kamar mai jiran adaidaita, shi ya sa murmushin hoton ya fito haka.

Yarinyar ce ta sauko daga cinyar Hajiya ta dangwala yatsa a kan kwamfutar ta ce Baba. Yaya ta tashi ta shiga ciki, mayafi a fuska. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta tambayi Anti ko za a iya wanke mata wannan, babba, kada a yanke komai, kada kuma a taɓa kalar komai. Anti ta ce gobe za ta kawo. A gabanmu ta sauke hotunan daga shafin, ta ce za ta ɗauki rigunan a jikin mutum-mutumi, kuma duk wanda Yaya ta tura wa, ita za ta ba ta na asalin ta tura masa.

Har yau idan waya ta yi ƙara a falo sai gabana ya faɗi, kuma ban iya kallon ruwan hoda a jikin kowa ba tukuna. Anti ba ta yi da mugunta ba, ta ɗauke ni a matsayin hoton da ke ajiye a kwamfuta, ta manta cewa mai hoton tana zaune a ɗaki cikin baƙin hijabi.

A ranar nan, ana kiran la'asar Hajiya ta aiko in zo. Na same ta a kan darduma, yarinyar na barci a gefenta. Ta ce in ɗauke ta in kai ta ɗakinmu, ta fi sabawa da can. Na sunkuya na ɗauka. Har na kai ƙofa ta ce:

“Maganar da na yi da safe, ki bar ta a nan. Ke da ita ba mai raba ku, ko kin zauna ko kin tafi. Ki je ki ci abinci, na ga tun safe ba ki sa komai a bakinki ba.”